Jikka Arba'in a Hannun Alhaji

Satin da na fita takaba Alhaji, mai gidan da muke haya, ya aiko a ce in fara shirin barin gida. Ban ga laifinsa a nan ba. Tun kafin Malam ya kwanta ciwo ya faɗa mana ɗansa zai yi aure bayan girbi, kuma ɓangaren da muke haya yake so ya gyara masa. Ya bar ni na gama takabata a ɗakin mijina, wannan kam na shaide shi. Da saƙon ya zo na ce to, na ci gaba da tankaɗen da nake yi.

Malam, mijina ke nan, malamin dabbobi ne, amma ɗan kwantiragi. Yau yana Dungas, gobe Guci, jibi Mallawa, yana bin rugage da allurar shanu. Moton da yake hawa na aiki ne, ana gama sadakar bakwai aka zo aka tafi da shi. Shekara takwas muka yi a gidan Alhaji a Magariya, jikka ashirin duk wata. Ranar da muka shiga Malam ya ba da kosiyon na wata biyu, jikka arba'in, kuɗin da mai gida yake riƙewa har ranar fita, in ba ka ɓata komai ba ya mayar maka. Alhaji ya ba shi ɗan rasi, takardar shaidar biya, da aka yago daga kaye irin na ƴan makaranta. Ba a zaga gidan an rubuta yadda muka same shi ba. Wa yake yin wannan a nan? An yi hannu, an yi fatiha, mun shimfiɗa tabarma.

Ciwon ya cinye komai. Awakina biyu, ƴan kunnena, ɗan abin da yake ajiyewa, duk sun tafi wajen jinya a likitar Damagaram, babban asibiti. Kuɗin gaisuwa da abin da abokan aikinsa suka haɗa, da su na biya hayar watannin takaba, muka ci tuwo. Abin da ya rage mini a duniya keken ɗinkina ne, da ƴata ɗaya, da wannan jikka arba'in ɗin da ke hannun Alhaji.

Na riga na yi lissafina. Akwai wata tsohuwa bayan kasuwa da ke da ɗaki ɗaya da ƴar rumfa, jikka goma a wata. Ta ce sai an ba ta wata uku a dunƙule, jikka talatin, domin wanda ya fita ya tsallaka Najeriya da kuɗinta, ta rantse ba ta ƙara ragi ko ga autanta. In na samu ɗakin, na kafa keke a rumfa, ƴata ta koma lise, babbar sakandare, saura mata shekara guda ta zauna bak, jarrabawar fita. In ban samu ba, sai ƙauyenmu can bayan Sassumbrum, gidan mahaifina, inda babu lise, kuma ba ni da wanda zan bar wa budurwa a Magariya. Lekol kuwa ta kusa buɗewa, hutun makaranta ya zo ƙarshe.

Na aika wa Alhaji cewa ina son kosiyon kafin in fita, domin da shi zan kama wani wuri. Ya zo da kansa da hantsi, ya yi sallama, ya yi mini gaisuwa har da ƙwalla. Ya shiga ɗaki ya fito, ya shafa bango, ya girgiza ƙofar bayan gida, ya leƙa kontar kuran, wato mitar wutar lantarki. Ya tafi abinsa. Kashegari aka kawo mini takarda a ninke, babu kuɗi a ciki.

Fenti, jikka goma. Ƙofar bayan gida, jikka shida. Faktir ɗin kuran, takardar kuɗin wuta, jikka huɗu. Hayar wata ɗaya da ba a biya ba, jikka ashirin. Aka ja layi, aka rubuta arba'in. Ikon Allah, ɓarnarmu ta shekara takwas ta zo daidai wa daida da kuɗin da ke hannunsa, ko dala ba ta yi sama ba, ko dala ba ta yi ƙasa ba. Ko telan da ya auna mutum ba ya yanka haka.

Ni mutum ce mai baki, duk unguwar an sani. Na taɓa tara wa mai nama jama'a a kan ƙashin dala ashirin. Da a ce shekarar da ta wuce aka kawo mini wannan takarda, da na ɗaura gyale a ƙugu na iske Alhaji a shagonsa na wake da riɗi, da sai an riƙe ni. Amma ranar na karanta, na sake karantawa, na jira fushin ya zo, bai zo ba. Tun ranar da aka fita da Malam wani abu ya kwanta a cikina. Ina jin yunwa, ina jin fitsari, ina jin kiran salla. Ban da waɗannan ba na jin komai. Na ninke takardar na sa ƙarƙashin kwano na je na ɗora ruwa.

Ƴata ce ta gan ta da ta zo ɗaukar kwanon. Ita ce ta yi fushin a madadina.

"Inna, wane fenti? Akwai fenti a ɗakin nan da muka zo?"

"Babu."

"To, da hayar nan fa? Ba Baffa ya ce an yafe ba?"

Haka ne kuwa. Watan da Malam ya yi a likita bai biya haya ba, wannan gaskiya ne. Amma ranar jana'iza, da aka ajiye shi a ƙofar gida, liman ya yi tambayar da ake yi, ko akwai mai bin mamaci bashi ya faɗa, a biya ko ya yafe, kada a kai bawan Allah da nauyi. Mu mata muna ciki, ba mu ji ba. Yayan Malam, Baffan ƴata ke nan, wanda ya zo daga Guci, shi ya shigo bayan an dawo ya ce mini Alhaji ya miƙe a gaban sahu ya ce yana bin hayar wata ɗaya, kuma ya yafe duniya da lahira. Aka yi ta sa masa albarka. Har mata masu zuwa gaisuwa suna cewa in gode Allah da ya haɗa mu da mai gida na kirki.

Ƴata ta ce mu rubuta masa wasiƙa. Na ce wasiƙar me, gidansa ga shi nan bayan katanga. Ta ce magana iska ce, in abin ya kai jastis, gaban alƙali, takarda za su tambaya. Na ce yi yadda kika gani. Ba don na yarda zai yi amfani ba, don dai ba ni da ƙarfin musu ne.

Muka zauna a inuwar darbejiya bayan la'asar. Ina faɗa da Hausa tana rubutawa, daga baya ta juya shi da Faransanci a wata takardar. Da na fara faɗa sai na ji bakina yana aiki shi kaɗai, kamar keke in ƙafa ta saba. Na ce ta rubuta cewa ko gara tana da kunya ta fi wani. Ta ɗago ta dube ni, ta ce wannan ba ya shiga wasiƙa. Ga abin da ya shiga, kamar yadda nake tune da shi:

"Zuwa ga Alhaji, bayan gaisuwa. Ni matar marigayi, mai haya a ɓangarenka na yamma, na karɓi takardar da ka aiko a kan kosiyon ɗin jikka arba'in da mijina ya ba ka ranar da muka shiga, wanda rasinsa yana hannuna. Ban yarda da yankan da ka yi ba, sai guda ɗaya.

"Na ɗaya, fenti, jikka goma. Mun sami ɗakunan da siminti tsirara. Fentin da ke jiki mijina ya saya ya shafa da kuɗinsa. In ya koɗe, namu ne ya koɗe.

"Na biyu, ƙofar bayan gida, jikka shida. Gara ta ci ta, ba mu muka karya ba, kuma ta fara ci tun kafin mu zo. Tsufan gida na mai gida ne.

"Na uku, kuran, jikka huɗu. Mun sha wuta, na yarda, ka cire. Ina roƙon a nuna mini faktir ɗin.

"Na huɗu, hayar wata ɗaya, jikka ashirin. Ka yafe ta da bakinka ranar jana'iza a gaban liman da jama'a, akwai shaidu.

"Saboda haka ina roƙon ka mayar mini da jikka talatin da shida kafin ƙarshen watan nan, ranar da zan ba ka makulli. In ba mu daidaita ba zan kai maganar gaban mai unguwa. Na ajiye kwafin wannan wasiƙa."

Na sa hannu. Ta je bakin tasha ta yi fotokofin wasiƙar da na rasin. Maƙwabcinmu, wani tsohon direba, ya kai wa Alhaji a shago, ya ce ya sa hannu a kwafinmu alamar ya karɓa. Alhaji ya ƙi. Ya ce shi da ya ɗauki makarar mutum yau matarsa ke aiko masa da takardar nasara. Direban ya dawo ya ce mini ba komai, shi shaida ne an karɓa.

Alhaji bai amsa ba, wata kuma yana ta ƙarewa. Tsohuwar bayan kasuwa ta aiko cewa wani ɗan duwan, ma'aikacin kwastan, ya zo ganin ɗakin, in ina so in motsa. Sai na aika Guci aka kira Yaya, muka je wurin mai unguwa.

A zauren mai unguwa aka zauna, da safe. Shi yana kan buzu, Alhaji a damansa da carbi, Yaya a hagu, ƙafafunsa duk ƙasar gona, ni ina bakin ƙofar ciki a kan ƴar tabarma. Ƴata na bar ta a gida tana ɗaure kaya. Mai unguwa ya ce a karanta takardar, na ce ni zan karanta. Na karanta ta Hausar tun daga gaisuwa har sa hannu. Ji nake kamar labarin wata nake karantawa.

Mai unguwa dattijo ne da ya san gidajen unguwar tun suna fili. Ya ɗauki abin ɗaya bayan ɗaya.

"Alhaji, da ka ba su ɗakin akwai fenti?"

"Ranka ya daɗe, an daɗe."

"An daɗe, amma ni na tuna. Babu. A cire wannan."

A kan ƙofa aka ɗan ja. Alhaji ya ce da mun faɗa masa da wuri da an sa magani. Na ce Malam ya faɗa masa ba sau ɗaya ba, shi Alhajin yana cewa sai an sayar da riɗi. Ba takarda, ba shaida, mai maganar kuma yana ƙasa. Mai unguwa ya ce a raba, uku nasa uku namu. Na ce na yarda. Alhaji ya zaro faktir daga aljihu, aka duba, jikka huɗu ne har da ƴan kai, ya ce ya bar ƴan kan. Na ce an gode.

Sai aka zo kan haya. Mai unguwa ya juya wajen Yaya.

"Kana wurin?"

"Ina wurin, ranka ya daɗe. Kusa da shi nake tsaye."

"Ni ma ina wurin," in ji mai unguwa. "Alhaji, ka ce ka yafe, na ji da kunnena, na ce amin. Abin da aka yafe a gaban gawa ba a komawa a ɗauko shi. Wannan kuɗi na marainiya ne da uwarta. Jikka goma, da uku, da ashirin, talatin da uku ke nan. Ka ba ta."

Na ci shari'a ke nan. Talatin na tsohuwa, uku na amalanken da zai kwashi kaya. Na lissafa a raina, na ga ya isa, kuma ko daɗi ban ji ba.

Alhaji bai yi musu ba. Ya sa hannu a aljihun ciki ya fito da kuɗi, ya ƙirga goma sha uku ya ajiye gefe guda. Ya ƙirga ashirin, takardun jikka biyar-biyar guda huɗu, ya ajiye daban a tsakiyar tabarma. Sannan ya yi magana a hankali, ba faɗa, yana kallon carbinsa.

"Ranka ya daɗe, ka yi hukunci, na bi. Ga kuɗi nan. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi, zan faɗi gaskiyata. Ranar nan kunya ce ta sa na faɗa. An tambaya, duk ido ya dawo kaina, an san gidana yake. Me zan ce? Bakina ya yafe, zuciyata ba ta yafe ba. Na yi ta ƙoƙari ta yafe, ta ƙi. Malama ta ɗauki kuɗinta. Ni da shi, Allah ya san abin da ke tsakaninmu."

Ban sani ba ko dabara ce ta ɗan kasuwa ko kuwa gaskiyar cikinsa ce ya amayar, har yau ban sani ba. Na fi zaton duka biyun ne.

Mai unguwa ya ɓata rai. Ya ce wannan magana ba ta da kyau, bashi ya faɗi tun ranar da aka furta, a tambayi kowane malami. Ya ce mini, "Ɗiyata, ɗauki abinki, babu komai a kan mijinki."

Amma Yaya ya riga ya sunkuyar da kai. Mutum ne da bai yi boko ba, bai yi zurfi a allo ba, abin da ya sani shi ne abin da duk muka tashi muna ji, cewa mai bashi ba ya samun kwanciya sai an sauke masa. Ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Ƙanena ne a kwance can. Da ina da shi da na biya yanzu. Gero bai nuna ba." Sai hawaye suka bi gemunsa.

Na dubi takardun nan huɗu. Na san hukuncin mai unguwa daidai ne, kaina ya sani sarai. Amma na tuna Malam a gadon likita, kwana biyu kafin ya cika, bakinsa ya bushe, yana ce mini wata ya mutu ba a kai wa Alhaji nasa ba. Mutum ne da ko goron dala biyar ya ci bashi ba ya barci sai ya biya. Na yi ta ce masa ya bar zancen. Bai bari ba.

Na miƙa hannu na ɗauki goma sha uku. Ashirin ɗin na tura su da yatsa har suka taɓa gwiwar Alhaji.

Mai unguwa ya ce, "Ki yi tunani. Ba naki ba ne ke kaɗai."

Na ce, "Na ji, Baba." Na juya wajen Alhaji. "Ɗauki. Amma ka faɗa a nan, da bakin da zuciyar, kowa ya ji. Kana bin sa wani abu?"

Ya ɗauka, ya ce, "Ba na bin sa komai. Allah ya jiƙansa."

"Ko dala?"

"Ko dala."

"To Allah ya amfana. A yi wa amarya fenti mai kyau."

Iyakar abin da bakina ya iya ke nan a ranar. Aka shafa fatiha, mai unguwa ya sa aka rubuta a bayan wasiƙata cewa an biya goma sha uku kuma magana ta ƙare, muka sa hannu ni da Alhaji. Yanzu kam ya sa.

Daga nan ban nufi gida ba, na bi ta bayan kasuwa. Na nuna wa tsohuwa goma sha uku, na ce ta karɓi wata ɗaya, sauran in biya da ɗinki kafin salla. Ta riƙe hannuna ta yi mini gaisuwar Malam, ta ce ta tausaya, amma ta yi rantsuwa, kuma ɗan duwan ya ce zai kawo nasa da yamma. Ban roƙe ta sau biyu ba. Na tsaya a tasha na tambayi kuɗin motar Sassumbrum da kaya, har da keke.

Na iske ƴata a tsakar gida ta gama ɗaure tukwane. Littattafanta ne kawai ba ta sa a buhu ba, ta jera su a kan tabarma daban, domin a ganinta unguwa kawai za mu sauya. Ta tashi da ta gan ni.

"Inna, an karanta?"

"An karanta. Mai unguwa ya ce wasiƙarki ta yi kyau. Ya ba mu gaskiya."

"Duka?"

"Kusan duka."

Na ba ta kuɗin ta ƙirga. Ta ƙirga, ta sake ƙirgawa, ta dube ni. Na faɗa mata yadda aka yi, ban rage ba ban ƙara ba, da abin da Alhaji ya ce, da kukan Baffanta, da abin da na yi da yatsana, da yadda ɗakin tsohuwa ya kuɓuce mana. Na zaci za ta yi ihu, ƴar uwarta ce. Da ta yi ma da na fi so, wataƙila da wani abu ya motsa a cikina. Ba ta yi ba. Ta daɗe tana kallon kuɗin.

"To yanzu Baba ya huta?"

"Ya huta."

"Ni fa, Inna?"

Na zauna a kan ƙullin kaya. Sai ta miƙo mini kuɗin, ta jawo buhun da muka sa tsummokara, ta durƙusa ta fara zuba littattafan a ciki.